Takardar Umarni: Asusun Ƙananan Kashe-kashe na Ofis

Daga Babban Akanta zuwa ga mai riƙe da asusun

Malama, an amince a buɗe asusun ƙananan kashe-kashe na 50,000, kuma ke za ki riƙe shi. Za a rubuta cek da sunanki, ki karɓo tsabar kuɗin daga banki ki kulle a akwati. Makulli yana hannunki ke kaɗai. A littafi zan shigar da buɗewar kamar haka:

Debit: Asusun ƙananan kashe-kashe 50,000
Kiredit: Banki 50,000

Kada ki fitar da kuɗi sai da bauca mai lamba, wadda ke ɗauke da kwanan wata, adadi, dalili, sa hannun mai karɓa da na shugaban sashensa. A liƙa rasit a bayanta. Abin da ya haura 5,000 a tura shi wurina a biya ta banki. Ba a ba da rance daga akwatin nan, ko da mai nema ya ce gobe da safe zai mayar.

Lokacin da kike biya ba a shigar da komai a babban littafi, baucocin su ne shaidarki. Saboda haka duk sa'ad da aka buɗe akwatin, kuɗin da ya rage haɗe da jimillar baucoci dole su cika 50,000. Zan riƙa zuwa ƙirga ba tare da sanarwa ba. Ba zargi ba ne, kariya ce gare ki.

In kuɗi ya yi ƙasa da 10,000, ko wata ya ƙare ko da bai yi ƙasa ba, ki tattaro baucoci ki kasa su bisa nau'i ki kawo. A ce kin ƙirga kin sami 8,500, ke nan ana bukatar 41,500 asusu ya koma yadda yake. Baucoci kuma suka tashi 41,000, wato akwai giɓin 500. Ga shigarwar da ke cike asusun:

Debit: Kayan rubutu 17,200
Debit: Sufuri 14,500
Debit: Aika saƙonni 6,000
Debit: Kayan tsafta 3,300
Debit: Giɓi da rara 500
Kiredit: Banki 41,500

Ki lura, asusun ƙananan kashe-kashe bai fito a nan ba sam. A littafi yana nan a 50,000 ɗinsa, ba a taɓa shi sai ranar da aka ƙara ko aka rage girmansa. Nan ne sababbin ma'aikata suka fi yin kuskure, su yi masa debit duk wata har ya kumbura a takarda alhali akwati bai ƙaru ba. Da rara aka samu, 500 ɗin nan ɓangaren kiredit za ta koma.

Giɓi kada ki cike shi daga aljihunki, ki rubuto bayaninsa. Baucocin da aka mayar da kuɗinsu za a buga musu hatimin "An biya" domin kada a sake gabatar da su.