Tsarin shafin intanet na makarantarmu: daftari kafin a fara gini

Zuwa ga Hajiya Shugabar Makaranta da kwamitin gudanarwa, daga malamin kwamfuta.

Ranki ya daɗe, ga abin da na tsara a takarda. Ina roƙon a duba shi kafin a biya mai ginawa ko kwabo, domin gyara a takarda kyauta ne.

Na tambayi akawun ofis abin da iyaye suka fi kira su tambaya. Ya ce abu huɗu ne kullum: nawa ne kuɗin makaranta, yaushe za a koma, yaya ake sa yaro, ina makarantar take. A kan waɗannan na ɗora menu ɗin. Mashiga biyar kawai, don yawancin iyayenmu da waya za su buɗe, kuma da tsimin data.

```
/                 Gida
/makarantarmu     Makarantarmu
/shiga            Ɗaukar Ɗalibai
   /shiga/kudi    Kuɗin Makaranta
/kalanda          Kalanda da Sanarwa
/tuntube-mu       Tuntuɓe Mu
```

A adireshi na cire lanƙwasar ɗ da ɓ, saboda ba kowace waya ke da su ba. A rubutun shafi kuwa sai an sa su.

Gida: hoto ɗaya na ƙofar makaranta, ranar komawa, sanarwa uku na baya-bayan nan, da lambar ofis da za a danna ta kira. Ban da hotuna masu juyawa, cin data suke.

Makarantarmu: tarihi a taƙaice, sassan nazare, firamare da Islamiyya, sai jawabin shugaba. Na san an so jawabin ya zauna a shafin farko. Ki gafarce ni, uban da ke neman ranar jarrabawa ba zai tsaya karanta shi ba.

Ɗaukar Ɗalibai shi ne ya fi buƙatar kulawa. A rubuta shekarun shiga kowane aji, takardun da za a kawo (takardar haihuwa, katin riga-kafi, fasfo biyu), ranar gwaji da inda ake sayen yunifom. Kuɗin kowane zango a rubuta shi ɓaro-ɓaro a shafin, kada a ɓoye shi cikin PDF. In kwamiti bai yarda a bayyana kuɗi ba, a faɗa yanzu in cire.

Kalanda: zango uku, hutun salla, taron iyaye da malamai. Wannan shafin sai an ba shi mai shi. Kalandar bara a shafi ta fi rashin kalanda muni.

Na bar duba sakamako da ɗakin hotuna zuwa gaba. Sakamako na buƙatar lambar sirri ga kowane gida, kuma akwai dokar kare bayanai ta 2023. Hoton yaro ba za mu sa ba sai da rubutaccen izinin iyayensa.

Abin da nake jira daga kwamiti ranar Alhamis: shin Hausa da Turanci za a yi, ko ɗaya tukuna? Wa zai riƙa sabunta sanarwa duk Litinin? Sannan a zaɓi sunan adireshin shafin, mu nemi rajistarsa da `.sch.ng`, wato ƙarshen adireshi na makarantun Najeriya.