Gaisuwa da roƙon Malam ya kula da aikin bincikena na shekarar ƙarshe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, Dakta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malam yana lafiya, ya aiki, ya iyali, ya kuma fama da mu ɗalibai? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sunana Hadiza, ɗaliba 'yar aji huɗu a Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma. Wannan ne karo na farko da nake rubuto wa Malam, kuma buƙatata ɗaya ce: ina roƙon Malam ya amince ya zama mai kula da aikin bincikena na kammala digiri, wanda nake so in yi a kan yadda ɗaliban jami'a suke fahimtar sakamakon gwajin jini na cutar sikila. Idan Malam ya ga da yiwuwar haka, ina neman minti 15 a ofishinsa kafin ƙarshen mako na shida na wannan zango, domin a lokacin ne sashe zai rufe karɓar sunayen masu kula da bincike. Cikakken sunana da lambar rajistata suna kan takardar da na haɗo da wannan saƙo.

Na rubuta Dakta ne saboda haka na gani a jerin sunayen malamai da ke allon sashe. Idan an samu ƙarin girma da allon bai nuna ba tukuna, ko Malam ya fi son a kira shi da wani laƙabin, ina roƙon a sanar da ni in bi. Na kuma zaɓi imel maimakon waya don kada in katse wa Malam aji ko taro, ya karanta a lokacin da ya samu sarari.

Da wuya Malam ya shaida ni, domin ajinmu yana da yawa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki darasinsa na cututtukan gado a zangon farko na aji uku, kuma a nan wannan tunani ya samo asali. Ranar da Malam ya zana akwati mai gida huɗu a allo, ya sa AS a sama da AS a gefe, ya tambaye mu ma'anar ɗaya cikin huɗu, amsar da ta fi yawa a ajin ita ce wai idan ma'aurata suka haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ne kawai zai zo da SS. Malam ya tsaya ya warware mana cewa lissafin yana komawa farko ne a kowane ciki: kashi 25 cikin 100 na yiwuwar AA, kashi 50 na AS, kashi 25 na SS, ko da kuwa 'ya'yan da aka riga aka haifa duk SS ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu ɗaliban kiwon lafiya ne, mun kusa fita mu koyar da jama'a, amma ga inda fahimtarmu ta tsaya. To ina ga ɗalibin lissafin kuɗi ko na shari'a, wanda aka miƙa wa takarda mai haruffa biyu aka ce ya tafi?

Tun daga nan na shiga karatu a kan batun. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ilimin cutar ya daɗe a hannun masana. Tun 1910 likita James Herrick ya bayyana jajayen ƙwayoyin jini masu lanƙwasa kamar lauje a jinin wani ɗalibi a Chicago. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin hemogulobin ɗin kansa, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jan ƙwayar jini, a 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS suna da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda hakan ya bayyana dalilin yawan wannan gado a wuraren da zazzaɓin ya yi katutu. A 2008 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da cutar a matsayin matsalar lafiyar al'umma, aka ware 19 ga Yuni don wayar da kai. A ganina, saƙon "ka je ka yi gwaji" ya isa kunnen mutane da yawa. Inda nake zargin an bar giɓi shi ne bayan gwajin, wato abin da mutum ya ɗauka sakamakonsa yake nufi, da hukuncin da zai yanke a kai.

Wurare huɗu nake zaton ruɗanin ya fi yawa, kuma su nake so in auna. Na farko shi ne lissafin ɗaya cikin huɗu da na ambata. Na biyu, haɗa rukunin jini da nau'in hemogulobin: a hirar da nake yi da abokan karatu na sha jin wanda aka tambaya ko AA ne shi ko AS, sai ya ce shi O ne, alhali abubuwa biyu ne da ba su da alaƙa. Na uku, batun C, wani nau'in hemogulobin ban da A da S. Mai AC yakan ɗauka ba ruwansa da sikila tun da babu S a takardarsa, bai san cewa idan ya haɗu da mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na SC ba, ita ma kuwa cutar sikila ce, ko da sau da yawa ba ta kai SS tsanani ba.

Na huɗun ne ya fi damuna, domin a nan laifin ba na mai karɓar sakamako ba ne. Gwaje-gwajen ba iri ɗaya ba ne. Gwaji mai sauƙi da ake yi don a ga ko ƙwayoyin jini za su lanƙwashe yana nuna akwai S ne kurum. Ba ya rarrabe AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda yake rarrabewa shi ne gwajin da ake ware nau'o'in hemogulobin da wutar lantarki, ko na'urorin da suka fi shi. Haka nan wanda aka yi wa ƙarin jini a 'yan watannin da suka gabata zai iya samun sakamako mai ruɗarwa, saboda jinin wani yana gauraye da nasa. Mutum nawa ne cikin masu riƙe da takardar sakamako suka san wane gwajin aka yi musu? Ina so wannan tambaya ta shiga binciken, domin mutane suna gina aure a kan waɗannan takardu, wasu kuma suna rusa shi a kansu.

Akwai kuma ɓangaren da nake neman shawarar Malam a kansa tun kafin in rubuta tambaya ko ɗaya. A cikin ɗaliban da za su amsa, tabbas akwai masu SS, waɗanda suke zuwa aji da ciwon da sauranmu ba ma gani. Jan ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kimanin kwana 120 a jiki, tasu kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi, ga toshewar ƙananan hanyoyin jini da ke jawo ciwon ƙashi mai tsanani. Ba na so takardar tambayoyina ta sa irin wannan ɗalibi ya ji kamar rayuwarsa kuskure ce da ya kamata a ce an kauce mata, ko mai AS ya ji kamar yana ɗauke da abin kunya. Na ga yadda Malam yake zaɓen kalmominsa a aji idan ya zo wannan gaɓa, ba ya tsoratarwa, ba ya kuma ɓoye gaskiya. Wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa na nufo shi da roƙona.

Tsarin da nake da shi a yanzu mai sauƙi ne. Ina so in raba takardar tambayoyi ga ɗalibai kimanin 200 daga tsangayoyi huɗu, biyu na fannin kimiyya, biyu waɗanda ba na kimiyya ba, don a kwatanta. Ba za a ɗebi jinin kowa ba, ba za a rubuta suna ko lambar rajista ba, kuma wanda ba ya son faɗin nau'in hemogulobinsa zai iya tsallake tambayar. Na san sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kafin in fara, kuma neman amincewar yana buƙatar sa hannun mai kula da aikin. Adadin 200 ɗin hasashena ne kawai. A kan yadda ake fitar da adadin da ya dace, da kuma irin lissafin da za a yi wa amsoshin, ina buƙatar jagora sosai.

Na haɗo takardu biyu. Ta farko, `shawarar_bincike.pdf`, shafi biyu ce, tana ɗauke da take, manufa da tambayoyin binciken. Ta biyu, `sakamako.pdf`, sakamakon jarrabawata ne daga aji ɗaya zuwa aji uku, idan Malam yana so ya duba.

Ba ni da lacca ranar Talata daga ƙarfe 12 na rana, da ranar Alhamis da safe har zuwa ƙarfe 11. Idan waɗannan lokuta ba su yi wa Malam ba, duk lokacin da ya sa zan nemi izini in zo. Na san akwai ɗalibai da yawa a hannun Malam, ga koyarwa, ga nasa binciken. Idan gurbi ya cika a bana, zan fahimta, sai dai in roƙi alfarmar ya nuna mini wani malami a sashen da yake ganin batun zai dace da shi, domin in samu in tuntuɓe shi kafin wa'adin ya cika. Idan kuma Malam ya ga taken yana buƙatar a rage masa faɗi ko a sauya masa fuska, a shirye nake in karɓi gyara.

Malam ya yi haƙuri da tsawon saƙon. Na so ne ya samu cikakken bayani kafin ya yanke shawara. Na gode ƙwarai da lokacin da ya ba ni. Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka, ya sa albarka a ilimin da yake ba mu.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibar Malam,
Hadiza
Aji huɗu, Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma