Birni Ta Taso: Waƙar Magoya Bayan 'Yan Birni Ranar Karo da Zango

(Ganga biyu da kalangu. Dim-dim-dim, tas! Tafi yana faɗawa a kan tas.)

Mai waƙa: Su wa suka zo?
Jama'a: 'Yan Birni!
Mai waƙa: Ban ji ba, ko ba ku sha fura ba? Su wa suka zo?
Jama'a: 'YAN BIRNI!

Amshi:
Birni, Birni, gidan sarauta,
Yau fili sai ya ji mu!
Kowa ya zo da shirin faɗa,
Zai koma yana faɗin mu!

Da sunan Allah muka fara, shi ne mai iyawa,
Ya tsare ƙafar yaranmu daga targaɗe da karyewa,
Ya ba alƙalin wasa ido na ganewa,
Saura kuma aikinmu ne, mu ba mu san gazawa.

(Dim-dim-dim, tas! Amshi.)

Damagaram ta Tanimu da ya ja mata ganuwa,
Ya sa aka ƙera igwa, na nesa suka ji tsawa,
Jikokin Kuran Daga, ba a san mu da tserewa,
A gindin fada muka girma, kakaki muke ji da wayewa.
Har 1926 mu ke riƙe da ƙasa,
Yamai ta karɓa daga baya, ku tambayi na bisa,
Wanda ya saba da girma ba ya wasa da wasa!

(Kalangu shi kaɗai. Kirarin 'yan wasa, kowane suna a amsa da "Sai kai!")

Habu gola, ƙyauren ƙarfe, mai hana baƙo shiga,
Ka buga sama ya cafe, ka buga ƙasa ya riga,
Tun farkon gasa gizo-gizo ke saƙa a raga!
Sai kai!

Sani na baya, dutsen Birni, a kewaye ka a wuce,
Wanda ya ce zai ture ka, goshinsa ne zai fashe,
Lamba huɗu, ba ka magana, ƙafarka ita ke cewa a dakace.
Sai kai!

Ɗan Malam na tsakiya, mai rabo ba son kai,
Ka ba na dama, ka ba na hagu, ka ɗaga wa na gaba a kai.
Sai kai!

Laminu ɗan kabu-kabu, iskar hunturu a gefe,
Da safe kana kan babur, da la'asar ka tashi da fiffike,
Mai tsaron ka ya nemi ruwa tun ba a je rabi ba, ya jiƙe!
Sai kai!

Mamman lamba tara! A tsaya nan, a ƙara wuta!
Mun san ka tun kana buga ƙwallon tsumma a lungu, ba ka huta,
Ba takalmi, ƙaya ta soke ka, ka cire ka bi ta,
Inna tana kira a zo a ci tuwo, kai kana bayan ta,
Yau ga riga, ga takalmi, ga raga, je ka gaishe ta!
Sai kai! Sai kai! Sai kai!

(Ganguna duka. Amshi sau biyu.)

Rigar nan da kuka sa, guminmu ne a ciki,
Mai shayi ya ba da nasa, tela ya yi ɗinki,
Majema sun kawo, mahauta sun bar aiki,
Hajiya mai ƙosai ta ce ruwan sanyi nata ne duk mako, ba fashi, ba raki.
Bayan sallar asuba mun gan ku kuna gudu cikin rairayi,
Malam Isa da usur a baki, ba ya jin sanyi,
To yau ranar biya ce, ku fidda mu kunya, samari, ku yi!

'Yan Zango, sannunku da zuwa, 'yan'uwa ne ba gaba,
Ga inuwa ku zauna, ga goro ku taɓa,
Amma ƙwallo ba ta san maƙwabci ba!
Gobe a Kasuwar Dole labari zai zaga,
Daga Sabon Gari har Garin Malam, kowa ya ji ya ɗaga,
'Yan Mirya da Magarya su ce: nawa aka zuba a raga?

Mai waƙa: Ɗaya ta isa?
Jama'a: Ba ta isa ba!
Mai waƙa: Biyu fa?
Jama'a: A ƙara!
Mai waƙa: Uku?
Jama'a: A kai mana kofi fada!

(Kiɗa ya yi sauri. Kowa ya miƙe.)

Ga su nan sun fito! Mata, ku rangaɗa guɗa!
Mai ganga, fasa fatar, gobe ma sayo wata a ɗaura!
Ba jifa, ba zagi, da murya za mu yi faɗa,
Alƙali, busa usur, Mamman ya matsu ya fara!

Dim-dim-dim, tas! Birni!
Dim-dim-dim, tas! Birni!
Buga! Buga! Buga!