Jadawalin Kwatanta Maƙaloli: Gwada Kai da Maimaita Karatu, Wanne Ya Fi Zama a Ƙwaƙwalwa?

Malam, barka da aiki. Ga jadawalin da ka ce in fitar daga jerin maƙalolin babi na biyu. Jerin ya ƙunshi maƙala talatin da huɗu, amma tara kawai na sa a nan, domin sauran ko dai suna maimaita ɗaya daga cikin waɗannan ne da wasu ɗalibai, ko kuma ba su ajiye rukunin kwatanci ba. Ban bi shekara wajen jerawa ba, na bi irin tambayar da kowace maƙala take amsawa. Inda na rubuta “gwada kai” ina nufin ɗalibi ya rufe takarda ya tuno abin da ya karanta da ka. Harafin g kuma ma'auni ne na girman bambancin da ke tsakanin rukunonin da aka kwatanta; idan ya ƙaru, bambancin ya ƙaru ke nan.

| Lamba | Maƙala | Abin da aka kwatanta | Yaushe aka yi jarrabawar ƙarshe | Abin da aka samu |
|---|---|---|---|---|
| 1 | Roediger da Karpicke, 2006, Psychological Science | Gwada kai da sake karanta gajeren rubutu | Minti 5, kwana 2, mako 1 | Minti 5: sake karatu 81%, gwaji 75%. Mako 1: sake karatu 42%, gwaji 56% |
| 2 | Karpicke da Roediger, 2008, Science | Kalmomin Swahili 40 da ma'anarsu; ci gaba da gwaji ko daina shi bayan an iya kalma | Mako 1 | Masu ci gaba da gwaji kusan 80%, waɗanda suka daina 33% zuwa 36% |
| 3 | Karpicke da Blunt, 2011, Science | Gwada kai da zana taswirar ra'ayoyi, wato zanen da ke nuna alaƙar ra'ayoyin darasi da juna | Mako 1 | Gwada kai ya yi rinjaye |
| 4 | Rohrer da Taylor, 2007, Instructional Science | Cakuɗa nau'o'in lissafi da yin su nau'i-nau'i | Mako 1 | Cakuɗawa 63%, nau'i-nau'i 20% |
| 5 | Cepeda da abokan aikinsa, 2008, Psychological Science | Tsawon tazara tsakanin karatu na farko da bita | Daga mako 1 har shekara 1 | Tazarar da ta fi dacewa tana tafiya da nisan jarrabawa |
| 6 | Rowland, 2014, Psychological Bulletin | Tattara bincike da yawa; gwaji da sake karatu | Ya bambanta | g = 0.50 |
| 7 | Adesope, Trevisan da Sundararajan, 2017, Review of Educational Research | Tattara bincike; gwaji da sake karatu, da kuma rashin yin komai | Ya bambanta | g = 0.51 da g = 0.93 |
| 8 | Dunlosky da abokan aikinsa, 2013, Psychological Science in the Public Interest | Dabarun karatu 10 | Ya bambanta | Gwada kai da rarraba karatu ne a sama. Ja layi da sake karatu a ƙasa |
| 9 | van Gog da Sweller, 2015, Educational Psychology Review | Sharhi kan darussa masu sarƙaƙiya | Babu gwaji sabo | Amfanin gwaji yana raguwa, har ya kan ɓace |

Sharhi

Lamba 1. Wannan ce ƙashin bayan babin, kuma ita ta sa na buɗe gurbi na musamman don lokacin jarrabawar ƙarshe. Mutum ya tsaya a minti biyar, sai ya rantse sake karatu ya fi. Ya jira mako guda, sai lissafin ya juye. Gwajinsu na biyu ya fi ƙarfi: rukunin da ya yi ta karatu kawai ya bi rubutun kusan sau 14, wanda ya karanta a zama ɗaya sannan aka gwada shi sau uku bai kai sau 4 ba, amma bayan mako na farkon ya tuna 40%, na biyun 61%. Kuma masu yawan karatun su ne suka fi amincewa cewa za su tuna. A lura ba a nuna wa ɗaliban amsar daidai bayan gwajin ba, tunowar ce kaɗai ta yi wannan aiki. Rauninta shi ne ɗaliban jami'a ne a ɗakin gwaji, da rubutu na ’yan sakin layi.

Lamba 2. Tazarar da ke tsakanin rukunonin ta yi girma ƙwarai, shi ya sa ake yawan ambatonta. Ina ganin mu yi taka-tsantsan da ita, saboda haddar kalma da ma'anarta ba ɗaya ba ce da fahimtar darasi. Abin da zan ɗauka daga cikinta shi ne hasashen ɗaliban: kowane rukuni ya ce zai tuna kusan rabi, wato ba su ji bambancin a jikinsu ba ko kaɗan.

Lamba 3. Ta amsa ƙorafin da na yi kan lamba 2, domin tambayoyinta sun haɗa da na ciro ma'ana daga rubutu. A gwaji na biyu har zana taswira aka sa a matsayin jarrabawar ƙarshe, duk da haka masu gwada kai suka fi.

Lamba 4 da 5. Ba kan gwada kai suke kai tsaye ba, amma na bar su domin siffar sakamakon iri ɗaya ce. A lamba 4, masu yin lissafi nau'i-nau'i sun ci 89% lokacin atisaye, masu cakuɗawa 60%, sai jarrabawar mako ta kifar da tsarin. Ɗalibanta kaɗan ne. Lamba 5 kuwa mutum sama da 1,350 ta ɗauka, ta nuna cewa idan jarrabawa mako guda ce, tazarar bita ta zama wajen 20% zuwa 40% na wannan lokaci, idan shekara ce ta sauko zuwa 5% zuwa 10%.

Lamba 6 da 7. A nan ake yawan yin kuskure wajen kawo alƙaluma. Wanda ya ɗauko 0.93 ya ajiye kusa da 0.50 zai ce masanan sun saɓa, alhali 0.93 kwatanci ne da ɗaliban da ba su yi wata bita ba. Idan aka auna su da ma'auni ɗaya, wato sake karatu, 0.50 ne da 0.51. Saɓaninsu na gaskiya yana wani wuri: Rowland ya ga gwajin da ɗalibi ke samar da amsa da kansa ya fi tasiri, su Adesope kuma suka ga na zaɓin amsa ya fi. Wannan ya cancanci sakin layi nasa a babin.

Lamba 8. Ta dace da gabatarwa. Ba sabon gwaji ba ce, hukunci ne kan abin da aka riga aka buga.

Lamba 9. Ita kaɗai ce ta ja da baya a jadawalin, kuma ba na so mu binne ta a ƙasan shafi. Hujjarsu ita ce idan darasi yana da sassa da yawa da dole a riƙe su tare a lokaci guda, kamar warware matsala mai matakai, gwaji ba ya ba da ribar da yake bayarwa a kalmomi da gajerun bayanai. Karpicke da Aue sun mayar musu da martani a mujallar a 2015, suka ce ba a auna sarƙaƙiyar da ƙayyadadden ma'auni ba, kuma an tsallake binciken da ya samu amfanin gwaji a darussa masu wuya. Ni dai na fi karkata ga su Karpicke, amma tambayar tana nan a buɗe, kuma a nan nake ganin binciken namu zai shiga.

Abu biyu nake neman izininka a kai. Na farko, in ƙara martanin Karpicke da Aue a matsayin lamba 10 maimakon barinsa cikin sharhi. Na biyu, in yi jadawali daban na binciken da aka gudanar a aji na gaske, tunda lamba 1 zuwa 4 duk daga ɗakin gwaji suka fito. Idan ka amince, zan kawo shi a zamanmu na gaba tare da daftarin babin.

Na gode, Malam.
Ɗalibarka