Ranar da Hadiza ta hana mu fitar da sakamakon rijiyoyi 62

Wannan abun ya faru ne a ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Aikinmu gwada ruwa da ƙasa ne, yawanci neman dalma, duk wanda ya san abinda ya faru a Zamfara a 2010 ya san dalma ba abin wasa bace, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irinsu Bagega da Dareta da Yargalma saboda dutsen zinare mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. To ranar wata Laraba muna da ruwan rijiyoyi 62 daga wasu ƙauyukan da ake haƙar zinare, waɗanda suka kawo mana aikin sun ce ranar Juma'a za su zo karɓar rahoto, Oga ya riga ya musu alƙawari.

Hadiza lokacin watanta huɗu kacal da fara aiki, daga foliteknik ta fito, yarinya ce mai shiru-shiru, kullum tana riƙe da wani littafi mai jan bango tana rubuce-rubuce. Ba wanda ya sa ta. Duk ranar da aka kunna injin AAS, wato injin da muke auna dalma da shi, sai ta rubuta lambar da kowane sitandad ya bayar, wato ruwan da muka riga muka san adadin dalmar da ke cikinsa, da kwanan wata, da wanda ya haɗa shi.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda ba layinsa bane. Injin nan shi bai san adadin dalma ba, hasken da dalmar ta shanye kawai yake aunawa, a wani nau'in haske na musamman mai tsawon zango nanomita 283.3. Mu ne muke koya masa. Muna da kwalbar asali mai miligiram 1000 a lita, daga ita ake sirka na tsakiya mai maikirogiram 100 a lita, daga na tsakiyan kuma a haɗa ƙanana na 5, 10, 20 da 40, a ba injin ya ja layi, da wannan layin yake auna duk ruwan da ka sa masa. Kamar tiyar mai hatsi ce dai, in tiyar ta samu matsala to duk awon da aka yi ranar ya tashi a banza, kuma mai saye ba zai gane ba.

Ranar ni na haɗa na tsakiyan da hannuna da sassafe, ba wuta, janareta ake ƙonawa ga gas ɗin agon da injin ke aiki da shi ya yi ƙasa, kowa sauri yake. Layin ya fito tsaf, r² = 0.999, wato ma'aunin miƙewar layi wanda 1 ne ƙarshensa, ruwan asid zalla da muke fara sawa shi ma ya nuna babu komai a ciki. Na ce alhamdulillahi a fara. Mun yi rijiya wajen 20 sai naji muryarta a bayana ƙasa-ƙasa.

"Malam Sani, dan Allah ka ɗan duba wani abu."

Na ce mata Hadiza ki bari mu gama mana, kin ga fa lokaci. Ba ta tafi ba. Ta buɗe littafin ta ɗora yatsa a kan layi, ta ce na 20 ɗin nan kullum tsakanin 0.108 da 0.113 yake bayarwa, yau kuma 0.158 ne a sikirin, kuma duk sauran ma haka suka hau. Na ce ai sabon bututun girafait aka sa, wanda injin ke ƙona samfur a ciki, shi yasa, sabo ya fi jin abu. Ta ce "Malam ai satin da ya wuce aka sa shi, ga na Litinin nan da shi aka yi, 0.112."

Nan na yi shiru. Amma gaskiya raina bai so ba, shekarata 11 ina wannan aikin, ga layi ya miƙe kamar an ja da rula. Abinda na manta a lokacin shine duk ƙananan nan uwarsu ɗaya, in na tsakiyan ya gurɓace to duka tare za su hau, layin zai miƙe abinsa yana maka ƙarya.

Ta ce a gwada kwalbar tantancewa. Wannan wani sitandad ne na daban daga wani kamfani daban, ƙa'ida ita ce a sa shi kafin a taɓa samfur ko ɗaya, amma da yake ya kusa ƙarewa kuma samunsa sai an yi oda a jira watanni, mun ɗan jima muna tsallake shi, yana cikin firij a ofishin Oga. Ita da kanta ta je ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, ina jiyo shi yana cewa ke yarinya kin san nawa ake sayen wannan, ta ce ta sani ranka ya daɗe, mililita ɗaya kawai take so. Ya taso ya biyo ta.

Ta sirka shi zuwa 20, ta sa a injin, mu uku muka tsaya muna kallon sikirin ba mai magana. Ya fito 13.9. Aka maimaita, 14.1.

Wallahi sai da na nemi kujera. Saboda ma'anarsa duk abinda muka auna tun safe ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha maikirogiram 10 ne a lita. Rijiyar da gaskiyarta 13 ce mu 9 za mu rubuta, mu buga hatimi mu ce ruwan ya yi, uwa ta ci gaba da dama wa ɗanta kunu da shi. Da ma sama kuskuren ya yi da sauƙi, a rufe rijiya mai kyau na ɗan lokaci a sake gwadawa, amma wannan ƙasa ya yi, ba wanda zai dawo ya yi ƙorafi.

Muka shiga neman inda abun ya fito. Kwalbar asali lafiyarta lau, asid ma haka. Hadiza ce ta ɗaga filas ɗin mililita 100, kwalbar gilashin da na haɗa na tsakiyan a ciki, ta juya shi a hasken taga, sai ga ɗan burbushin rubutun maka a wuyansa wanda bai gama gogewa ba, lambar wani samfur ɗin ƙasa da aka narkar ranar Litinin, ƙasar wurin niƙa dutse, irin wadda dalmarta ke kaiwa dubban miligiram a kilo. An ɗauraye shi da ruwa kawai an kife a cikin masu tsafta, ba a jiƙa shi ya kwana a asid ɗin naitirik ba yadda ya kamata, ni kuma na miƙa hannu na ɗauka ban duba ba. Abinda ya rage a jikin gilashin bai kai maikirogiram 5 ba, ido ba zai taɓa ganinsa ba, amma ya ɗaga 100 ɗinmu zuwa wajen 144.

Oga bai yi faɗa ba. Ya kira mutanen a waya a gabanmu ya ce sai Litinin, ya faɗa musu dalili yadda yake. Muka zubar da komai, muka ɗauko filas ɗin da ya kwana a asid, ya ce Hadiza ke za ki haɗa, Sani ya tsaya ya duba miki. Hannunta yana ɗan rawa wajen cika ruwan zuwa kan zare amma ta cika shi daidai. Na 20 ya ba da 0.110, kwalbar tantancewa ta ba da 19.8.

Sai da muka kai bayan isha'i ranar, washegari muka ƙarasa sauran. Rijiyoyi uku daga cikin na safen nan da suka fito ƙasa da 10 yanzu sun haura. Ɗaya ita ce lamba 17, da 9.1 muka rubuta mata, ta koma 13.0. Na ɗauko takardar da aka aiko da samfur ɗin in ga ta ina ce, a gefen lambar wanda ya ɗebo ruwan ya rubuta da biro, rijiyar bayan islamiyya.