Tambayoyin Bitar Tarihin Zazzau: Aji 2 na Babbar Sakandare, Zango na 2

Ɗalibai, ku buɗe shafin farko na littattafanku, inda muka rubuta manufofin darasin nan tun makon farko. Mun ce kafin zango ya ƙare ɗalibi zai iya: (a) kawo muhimman mutane, wurare da shekaru na tarihin Zazzau, (b) aiki da su wajen warware abin da bai taɓa gani a aji ba, (c) auna dalilai da hujjoji har ya tsaya a kan matsaya. A kan waɗannan na ɗora tambayoyin. Maki 100 ne, a kawo ranar Litinin kafin taron safe.

Kashi na ɗaya, manufa (a), maki 20

Nan hadda ce kawai, kada a ɓata fiye da minti 15.

1. Kawo sunayen gidajen sarauta huɗu na Zazzau.
2. Wane ne ya karɓo tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Zariya a 1808, kuma wane sarki ya tarar a kan gado?
3. Wane magini ne ya gina Masallacin Juma'a na birni, a zamanin wane sarki?
4. Ban da Ƙofar Doka, rubuta ƙofofin birni biyar. 'Yan Samaru da Sabon Gari, ku tambayi abokanku 'yan cikin gari, ba abin kunya ba ne.

Kashi na biyu, manufa (b), maki 30

5. Jera waɗannan daga na farko zuwa na ƙarshe, ka fitar da tazarar shekaru tsakanin kowane biyu: buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, kafa garin Abuja na asali a 1828, shigowar Turawa Zariya a 1902, naɗin Sarki Shehu Idris a 1975. Shekarar jami'a da gangan na ɓoye ta.
6. Wani baƙo ya sauka a tashar mota ya ce maka shi ɗan Suleja ne, amma kakanninsa Zagezagi ne. Abokinka ya yi dariya, wai ina Suleja ina Zazzau. A layi takwas, yi wa abokin bayani tun daga fitar Sarki Makau zuwa Zuba, da abin da ɗan'uwansa Abu Ja ya yi, har yadda sunan garin ya koma Suleja.
7. Zana taswirar Zariya, ka nuna birni, Tudun Wada, Sabon Gari da layin dogo. A ƙasan zanen faɗi dalilin da ya sa Sabon Gari ya tashi kusa da tashar jirgi, nesa da ganuwa.

Kashi na uku, manufa (c), maki 50

Rabin makin yana nan, kuma nan ne bara aka sha kashi. Wani yaro ya cika mini shafi uku da shekaru, duk daidai, ko ɗaya bai kuskure ba, amma da na nemi inda ya ce "saboda" sai na rasa. Maki 9 ya samu. Abin da nake nema shi ne matsayarka da hujja biyu ko uku da za su riƙe ta. Amsa biyu daga cikin ukun nan, kowace kada ta gaza shafi ɗaya.

8. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarauniya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato ƙarni na 15. Wasu ruwayoyin kuwa sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, sun sa ta a ƙarni na 16. Me zai iya jawo wannan saɓani? Wace ruwaya ka fi natsuwa da ita, kuma me ya raunana ɗayar? Wanda ya rubuta mini "haka kakata ta faɗa" ban ƙi ba, labarin baka hujja ne, amma sai ya nuna yadda zai gwada shi da wata majiya.
9. An sauke Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920, sarauta ba ta dawo gidan Mallawa ba sai 2020 da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli. Yi nazari: kasancewar gidaje huɗu ƙarfi ya ba masarauta ko kafa ya buɗe wa na waje su sa baki? Ka kawo misali ɗaya daga zamanin da Sakkwato ke tabbatar da sarki, ɗaya daga zamanin Turawa. Tarihi nake tambaya, wanda ya mayar da takardarsa filin goyon gidansu zan rage masa maki.
10. Wani ya ce layin dogo ya fi jihadin 1804 sauya Zariya. Ka yarda? Duba mulki, kasuwanci da irin mutanen da suka zauna a garin, sannan ka faɗi hujja mafi ƙarfi da mai saɓa maka zai kawo, ka ba ta amsa.

Mai neman ƙarin bayani kan tambaya ta 8 ya same ni a ofishin malamai ranar Alhamis bayan Azahar, ya zo da abin da ya fara rubutawa.