Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa kan aikin eksam ofisa

Kano, Litinin 13 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum ranka ya daɗe Firinsifal, barka da aiki, ya haƙuri da mu. Allah ya ƙara lafiya.

Kan maganar da ka yi mini ne ranar Alhamis bayan an tashi, cewa in karɓi aikin eksam ofisa tunda an yi wa mai riƙe da shi tiransifa. Na ce a ba ni zuwa Litinin, to na kwana da maganar, na yi shawara har da istihara, amsata dai ita ce ba zan iya karɓa ba. Na ga gara in rubuto saboda na san kaina, in na zauna gabanka nauyinka zai sa in ce to alhali ba haka ba ne a zuciyata.

Wallahi na ji daɗi da ka ga dacewata, kuma ba raina aikin na yi ba, sanin girmansa ne ma ya sa nake ja da baya. Ka duba taimtebul ɗina ranka ya daɗe. Lissafi nake koyarwa aji shida, SS1 zuwa SS3, A da B, kowane aji firiyod 5, wato firiyod 30 cikin 40 na sati. Yaran da ke hannuna 487 ne a rijista, tes biyu kawai in na ba su takarda 974 ke nan zan yi makin kafin a zo jarrabawar ƙarshen zango, kuma lissafi ba a makinsa da kallon amsa, sai ka bi layi-layi ka ga inda yaro ya kauce. Ga fom masta na SS3A, ni ke cike musu rizal da kiran suna kullum, ga lesin ɗin yamma Talata da Alhamis da muka fara wa masu fita. Yawanci sai bayan isha'i nake zama makin a gida da fitilar waya in babu wuta.

Shi kuwa eksam ofisa ai ba aikin da ake yi da ragowar lokaci ba ne, na gani da idona don na taya wanda ya tafi shekara biyu. Rijistar WAEC da NECO sai an tattara NIN na kowane yaro an duba ko sunan ya yi daidai da na fayil ɗinsa, a ɗauki hoto, a ɗauki zanen yatsa, a shigar da makin CA, wani lokaci ka wuni a kafe netwok ya ƙi, washegari ka koma, iyaye na kira, ofishin shiyya na kira, kuma ranar rufe shafin ba ta jiran kowa. Harafi ɗaya in ya kuskure a sunan yaro ko ranar haihuwarsa haka zai fito a satifiket, yaro ya yi ta yawon gyara lokacin da yake neman shiga jami'a. Ni ba zan so a ce gajiyata ce ta jawo wa ɗan wani wannan wahalar ba.

Sannan duk ranar da na tafi kafe aji shida ne za su zauna ba malami. 'Yan SS3 saura wata huɗu su shiga WAEC, ba mu gama silabus ba, ga azumi na tafe farkon Maris lokaci zai ƙara matsewa, kuma ka fi ni sanin yaron da bai samu kiredit a lissafi ba ƙofofi da yawa sun rufe masa.

Abin da zan iya shi ne, duk wanda ka naɗa zan zauna da shi Asabar biyu in nuna masa yadda ake shigar da bayanai da inda aka fi yin kuskure, kuma fom ɗin 'yan ajina SS3A ni zan tattara in duba su in miƙa masa a shirye. In za a ji shawarata a duba cikin malaman da firiyod ɗinsu bai kai 20 ba, akwai masu hannu a kwamfuta fiye da ni ma. Amma don Allah kar a sa sunana a takarda ko da na riƙon ƙwarya ne, ko a ce in fara kafin a samu wani, don in na fara rijista ba a canza hannu a tsakiya.

Ina roƙon kar ka ɗauki wannan a matsayin rashin biyayya, shekara tara ina ƙarƙashinka ban taɓa ce maka a'a ba sai yau. Gobe Talata ba ni da aji a firiyod na huɗu, in kana ofis zan shigo da taimtebul ɗin da rijistar yaran ka gani da kanka.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Malam Sani, malamin lissafi